Kwana Uku na Maccido Ladan

Duk wanda ya taɓa kwana a Taloka, a shiyar da ke gangarawa fadama, ya san muryar Maccido Ladan ko da bai san fuskarsa ba. Murya ce mai kauri, babu wani zaƙi a cikinta, har masu tsokana kan ce in ya fara kiran salla sai ka rantse turmi ake ja a ƙasa. Amma ba ta makara. Shekara talatin da ɗaya yana kira a ƙaramin masallacin shiyar, kuma in ka cire kwana arba'in da ya yi a Makka, babu asubar da gari ya waye ba a ji shi ba.

Ladancin gado ne. Mahaifinsa, Malam Abdulƙadiri, shi ya yi ta hawa matakalar ƙasa da ke jikin masallacin yana kira da bakinsa, tun ba a san lasifika ba. Da ya tsufa ya cire makullin masallacin daga wuyansa, da igiyar fatar da komai, ya rataya wa Maccido. Babu albashi a aikin. Abin da Maccido ke ci da iyalinsa daga gonar gero yake fitowa, da ɗan fegin albasa a fadama. Sai dai in kana son ganin ɓacin ransa, kira shi manomi. Shi ladan ne da ke taɓa noma, haka yake ganin kansa, kuma mutum ne mai saurin baki wanda ba ya ajiye magana a ciki ta kwana.

Limamin masallacin, Liman Halliru, abokinsa ne tun suna makarantar allo. Tare suka sha bulala, tare suka yi sauka, kuma shekara da shekaru ɗaya na kira ɗaya na jan salla.

Matsalar barcin ta fara ne bayan ƙaramar salla. Wani dare mutane suka kwararo daga wajen Shinaka, mata da tsofaffi, wasu ko takalmi babu, suna cewa 'yan bindiga sun shigo. Maccido ne ya buɗe musu masallaci, ya kwana a bakin ƙofa yana sauraron hanya. Bayan kwana biyu baƙin suka koma, amma kunnensa bai koma ba. Yakan kwanta bayan isha'i ya yi barcinsa lafiya lau, sai wajen ƙarfe biyu ya farka firgigit, shi ke nan kuma har asuba. Haushin kare, kukan babur daga nesa, duk sai ya tashi zaune. Da rana yana jin gajiya, yana yi wa mutane tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Iyakar ciwon ke nan. Yana da kyau a riƙe wannan, domin shi kansa Maccido daga baya ya manta: a wannan halin bai rasa kiran asuba ko sau ɗaya ba.

Ran wata kasuwar Goronyo ya tsaya wurin Mode mai kemis sayen maganin ciwon kai, ya yi masa ƙorafi. Mode mutumin kirki ne a mu'amala, amma irin masu kemis ɗin nan ne da ba su taɓa cewa ba su sani ba. Ya zaro wata 'yar ƙwaya, irin wadda bai kamata ta fita daga hannunsa ba sai da takardar likita, ya ce ɗaya bayan isha'i. Bai ce na kwana nawa ba, Maccido kuma bai tambaya ba.

Makonnin farko kam sai godiya. Yana sha, ya miƙe, ba ya jin kare ba ya jin babur, sai agogon wayarsa ya tashe shi. Har ya riƙa yi wa mutane tallar ta a majalisa. Da damina ta yi nisa sai ɗaya ta daina riƙe shi, ya koma ɗaya da rabi. Kafin a yanke gero ya kai biyu. Matarsa Ladidi ta lura yana tashi da nauyin kai, yana laluben takalmi kamar baƙo a ɗakinsa.

“Malam, ƙwayar ga hwa ta yi yawa,” in ji ta.

“Ke ad da kunnen, ko ni?” ya ce. Daga nan ba ta sake ba.

Wata asubar Talata, agogo ya yi ta kuka har ya gaji. Ladidi na ɗakinta, ta ɗauka ya fita tuntuni. Mutane suka taru a ƙofar masallaci a kulle, suka yi ta jira, ƙarshe Yazid, malamin Islamiyya da ke maƙwabtaka da masallacin, ya hau tsohuwar matakalar ya yi kira da bakinsa, aka yi salla a waje kan tabarmi. Maccido bai farka ba sai da rana ta shigo ɗaki.

Kunyar da ya ji ba ta faɗuwa. Babu wanda ya yi masa faɗa, kuma hakan ya fi ci masa rai, kowa sai “Ladan, lahiya dai?” da murmushi. Yana dawowa gida ya kwashe ƙwayoyin da suka rage ya watsa su masai, ya ce shi da ita har abada.

Daren farko ya yi ta juyi, bai samu ko awa biyu ba. Dare na biyu bai runtsa ba sam. Wannan ba irin na da ba ne, da yakan yi barci tukuna sannan ya farka. Yanzu barcin ne ba ya zuwa ko kusa. Idanu a bushe, zuciya na bugawa har yana jin ta a kunne, gumi na jiƙa masa riga alhali babu zafi. In ya ɗan lumshe ido da hantsi, sai mafarki ya rufto masa mai tsananin kama da gaske, ya tashi a firgice. Rana ta uku ya ɗauki buta ya ga ruwan na rawa a hannunsa. Da safiyar ta huɗu ya hau babur sai wurin Mode. A daren ya sha biyu, ya yi barci kamar an zare masa rai.

Kuma ga inda abin haushin yake. Mutum mai hankali, wanda in ya dubi sama zai faɗa maka saura minti nawa alfijir ya keto, ya zauna ya yi lissafi, ya fito da amsa a juye. Ya ce ashe ciwon girma ya yi ta yi a ɓoye duk watannin nan, ƙwayar ce kawai ke danne shi. Ai ga shaida: ya bari, ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya koma, ya samu lafiya. Wa zai yi gardama da wannan? Ladidi ta yarda, Mode ya gyaɗa kai, majalisa ta ce lallai wannan ya wuce na asibiti.

Ya sa Ladidi ta riƙa tayar da shi, wani lokaci sai ta yayyafa masa ruwa. Duk da haka sau biyu ya yi kira a makare, muryar na jan ƙafa. Aka fara magana ƙasa-ƙasa.

Lokacin dashen albasa Liman Halliru ya kira shi zaure, su biyu kaɗai.

“Maccido, abin ga ya daɗe,” ya ce. “Tsoro na yash shige ka tun daren mutanen Shinaka. Zan yi maka rubutu na kwana bakwai. Amma ka aje ƙwayar ga tukuna. Ba a gama magani biyu, in ba haka ba ba ka sanin wanda yay yi aiki.”

Haka kowa ya tashi ya tarar a nan: in za ka fara wani magani, ka saki wanda ke hannunka, a ba sabon fili. A kan jiƙo da turare wannan tsari bai taɓa cutar da kowa ba. Liman da zuciya ɗaya ya faɗa, da hannunsa ya rubuta ayoyin, ya wanke allon, ya aika a kwano mai murfi. Maccido ya sha da magariba, ya tura ƙwayar ƙarƙashin katifa, ya kwanta da kyakkyawan zato.

Abin da ya faru a karon farko shi ya sake faruwa, har da ƙari. Dare ɗaya, biyu, uku, ido biyu. Da rana yana cin goro kamar akuya don ya iya tsayawa, da yamma ya ɗora shayi mai kauri. Ƙarar cokali a kwano sai ta soke shi har ƙwaƙwalwa. Wannan karon kuma wani tunani ya shigo masa wanda ya fi rashin barcin muni. Ya ce a ransa, ran da na fara shan rubutun nan, ran nan barci ya ƙaurace mini. Kuma wa ke zama kusa da Liman kwanan nan? Yazid. Wa ya hau matakalar mahaifina? Yazid. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, ba abin da ba zai iya haɗawa ba.

Rana ta huɗu da azahar ya kunna lasifika, ya fara kira. Ya zo tsakiya, sai shiyar gaba ɗaya ta ji muryar nan mai kauri tana cewa, “Assalatu khairun minan naum.” Wato salla ta fi barci, jimlar da ba a faɗa sai a kiran asuba. Sau biyu ya faɗe ta, cikin natsuwa, rana tsaka, mata na shanya a tsakar gida. Bai ma san ya yi ba sai da ya fito ya tarar da masu alwala sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Bayan salla Liman ya tsayar da shi, da dattawa huɗu, da Yazid a gefe yana kallon ƙasa.

“Ladan, ka huta,” in ji Liman a hankali. “Ba Malam Yazid makulli shi riƙa, har Allah shi ba ka lahiya.”

Da Maccido ya yi barci ko na awa uku ne a daren jiya, da ya ji tausayin da ke cikin maganar. Bai ji ba.

“Ashe abin da anka shirya ke nan,” ya ce. “Tun ran da nish sha rubutunka ban runtsa ba. Mi kar rubuta mani, Halliru? Hwaɗi gaban mutane, mi kar rubuta?”

Halliru, haka gatsau, babu Liman babu Malam, a cikin masallaci. Wani dattijo ya ce, “Subhanallahi.” Fuskar Liman ta canza, ya tattara babbar rigarsa ya fita. Maccido ya ciro igiyar daga wuyansa ya jefar da makullin kan tabarma, ya tafi gida, ya ɗaga katifa. A daren ya sha biyu da rabi.

'Yarsa Mashkura tana aure a Wurno. Labari ya kai mata, da ƙarin gishiri, ta zo da kanta. Ita ce kaɗai a duniya da ke iya yi masa magana ido cikin ido, don halinsa ta ɗauko kaf.

“Baba, gobe za mu asibiti.”

“Wanga ba na asibiti ba na.”

“To mu tai su hwaɗa muna haka da bakinsu. Ƙwayar da kaka sha ai ba a gona tat tsiro ba.”

Likitan da suka samu a Wurno, Dakta Mainasara, mutum ne mai yawan tambaya. Ya karɓi ƙwayar, ya duba bayan takardarta, ya ɗaga gira. Ya tambayi wata nawa. Wata bakwai, kullum. Sannan ya ce a ba shi labarin barcin tun kafin ƙwaya.

“Da can ina kwana lahiya lau,” in ji Maccido, “sai ƙarhe biyu in tashi.”

“Awa nawa kenan, Baba?”

Maccido ya ƙirga da yatsu. “Huɗu. Wani bi biyar.”

“Hannu na rawa a lokacin? Gumi? Mugun mafarki?”

“A'a. Waɗanga sabbi na. Ciwon na yag girma.”

“To sau nawa abin ya kai ga ba ka runtsa sam?”

“Sau biyu.”

“Ran da ya fara na farko, me ka yi a ranar?”

Maccido ba ya manta rana. Ya ce Talata ce, ran da ya makara, ya watsar da ƙwaya. Na biyu kuma ran da ya fara shan rubutu. Ya faɗi wannan da ɗaci, yana kallon Mashkura, wai ga shaidarsa.

“Ran da ka fara rubutun, ka sha ƙwayar?”

“Ba a gama magani biyu.”

“Wato ka aje ta.”

“Na aje.”

Likita ya ajiye biro. “Baba, karon farko babu rubutu, amma abin ya zo. Abu ɗaya ne ya faru duka sau biyun, ka bar ƙwaya lokaci ɗaya bayan wata da watanni.”



Likitan ya tambaye shi yadda yake yi da lasifikar masallaci in batir ya yi sanyi. Ya ce yakan murɗa sautin sama, don a ji. To in aka sa sabon batir, aka manta ba a mayar da sautin ƙasa ba fa? Maccido ya ce ai sai ta yi ƙara ta tashi shiya.

“Haka ƙwaƙwalwa take,” in ji likita. “Ƙwayar nan aikinta ta danne ta, ta rage mata sauti, sai barci ya zo. In kwana kaɗan ne, ba komai. Amma in kullum ne, sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta riƙa murɗa nata sautin sama don ta daidaita. Shi ya sa ɗaya ta daina isar ka. Ran da ka cire ƙwayar gaba ɗaya, abin da ke dannewa ya tafi, sautin kuma yana can sama inda aka bar shi. Shi ne ido biyun nan da ya fi na da. Ƙwaƙwalwa za ta sauke shi da kanta, amma ba a dare ɗaya ba. Kwanakin farko su ne mafi tsanani, kai kuma duka sau biyun a tsakiyarsu ka koma.”

“To ƙaƙa zan gane wanga da nawa na asali?”

“Na barin ƙwaya yana zuwa ne da zarar an bari, dare ɗaya ko biyu, kuma yana zuwa da ƙarfin da ya wuce abin da ka sani. Amma raguwa yake yi, yawanci cikin kwanaki, wani ya kai mako biyu ko fiye in an daɗe ana sha. Naka na asali in zai dawo, da kamarsa zai dawo, yadda ka san shi, ba ya wuce nan. Shi kuma ba ya tafiya don an jira, sai an bi abin da ya kawo shi.”

“Wato da na daure…”

“A'a, ban ce ka daure ba. Rawar hannu da gumin nan gargaɗi ne. Wanda ya daɗe a kan irin wannan ƙwaya ya yanke ta lokaci ɗaya, tana iya kai shi ga faɗuwa da jijjiga. Allah ya tsare ka sau biyu, kada ka gwada na uku. A hankali ake sauka.”

Ya rubuta musu tsari: a rage kaɗan, a tsaya mako biyu, a sake ragewa, kuma ya riƙa dawowa ana dubawa. Ƙwayar ta koma hannun Ladidi. Ba goro ba shayi bayan azahar, ba doguwar ƙailula. Ya gargaɗe shi cewa duk ragi zai iya zuwa da dare biyu ko uku marasa daɗi, kada ya tsorata, kada ya ƙara.

Maccido ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. “Likita, rubutun hwa? Ba shi da hannu ko kaɗan?”

“Da ka sha shi tare da ƙwayarka, da ka yi barcinka.”

A mota har Taloka bai ce komai ba. Mashkura ta ɗauka fushi yake yi da ita. Ba da ita ba ne. Da likitan ya ce sammu ne, da ya fi masa sauƙi, ko ba komai yana da wanda zai ji haushi. Yanzu kuwa ya duba gabas ya duba yamma, babu kowa sai shi da bakinsa, da wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba.

Saukar ta ɗauki wata uku, kuma babu daɗi a cikinta. Duk ran da aka rage, sai ya yi dare biyu yana juyi yana tsaki, ya je ƙofar Ladidi ya ce ta ba shi ko rabi ne.

“Malam, yau kwana nawa da ragi?” takan tambaya daga ciki.

“Biyu.”

“To likita ya ce mi?”

Sai ya koma yana gunaguni. Zuwa dare na huɗu ko na biyar kuwa sai abin ya lafa, kamar yadda aka faɗa masa, kuma wannan ma haushi yake ba shi. Kowane karo yana ganin da idonsa abin da ya kasa gani lokacin da yake da amfani. Duk tsawon watannin nan a sahun baya yake salla, ya fice kafin a shafa addu'a. Yazid na kira da muryarsa mai daɗi, yana ja yana lanƙwasawa, Maccido na kwance yana cewa a ransa ya cika ja.

Saura mako biyu azumi ya rabu da ɓallin ƙarshe. Aka yi 'yan kwanaki ana fama, sannan ƙura ta kwanta. Sai ga tsohon baƙonsa ya dawo, da kamarsa: ya kwanta bayan isha'i, ya yi barci, ya farka. Yanzu ma ba ƙarfe biyu ba, wajen uku da rabi, don hanyar Shinaka ta ɗan yi sanyi, kunnensa ma ya rage tsayuwa. Babu gumi, babu rawar hannu. Ya zauna bakin gado ya dube shi da kyau. Wannan ne ciwon da ya kai shi wurin Mode? Farkawa kafin asuba, ga mutumin da aikinsa ke nan?

Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi zauren Liman. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi wa Halliru ba, ya faɗi duk abin da likita ya ce, bai rage ba.

“Allah shi gahwarta Malam, na zalunce ka. Ka yahe mani.”

Liman ya daɗe yana kallon tabarma. “Na yahe tun ranar, Maccido. Ni ma da nawa, ni nac ce ka aje ta. Ban sani ba.” Ya share ido da bakin rawani.

“To batun makulli,” in ji Maccido. “Ga azumi ya taho. Na samu lahiya.”

Nan Liman ya gyara zama. Ya ce ai ya san yadda jama'a suke. Maganar nan a gaban dattawa aka yi ta, kuma ba su manta ba. Su suka zauna bayan nan suka tabbatar wa Yazid, shi bai hana ba, don a lokacin ransa a ɓace yake. Yazid kuma bai yi laifin komai ba, ba a tashi rana ɗaya a karɓe abu daga hannun mutum haka kawai.

“Bari azumi shi wuce, mu gani,” ya ce.

Maccido ya san wannan “mu gani”. Shi da kansa ya sha raka Liman faɗa wa mutane ita. Ya yi godiya, ya sa takalmi.

Daren farko na azumi ya farka uku da rabi. Ya yi alwala, ya yi nafila, ya fito tsakar gida ya dubi sama. Lokacin kiran farko, na tayar da masu sahur, ya yi. Shiru. Ya ba Yazid minti biyar. Shiru. Ya fita, ya isa masallaci, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Hannunsa ya tafi wuyansa da kansa, ya tarar babu komai. Ya dubi matakalar mahaifinsa, har ya ɗora ƙafa a hawa na farko. Sai ya tuna azahar ɗin nan, da kafaɗun masu alwala, ya san in aka ji muryarsa yanzu ba a sa shi ba, cewa za a yi ciwon Ladan ya tashi. Ya sauke ƙafar. Ya taka zuwa gidan Yazid ya ƙwanƙwasa tagar ɗakinsa.

“Malam Yazid. Lokaci ya yi.”

Yazid ya fito a gigice yana saka hula, yana cewa Baba Ladan a yi haƙuri, tarawihi ne da karatun dare. Maccido bai tsaya ji ba. Washegari ma haka aka yi. Daga nan abin ya zama kullum: uku da rabi ya farka, ya jira lokaci, ya je ya buga taga sau uku, ya koma gida ta bayan layi kafin lasifika ta kama. Yazid ya ji kunya bai faɗa wa kowa ba. Maccido kuwa girman kai ba zai bar shi ya faɗa ba.

Ana cikin goman ƙarshe, yana fadama yana cirar albasa da hantsi, bakinsa a bushe, sai ga Sa'adu, ɗaya daga cikin dattawan nan huɗu, ya biyo ta kan kunya da sandarsa. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ya yaba albasar.

“Ladan, kai dai hankalinka shi kwanta, ka yi ta kwananka,” in ji Sa'adu. “Yaron ga ya riƙe amana. Azumin ga duka, ko sau guda bai makara ba.”

Maccido ya ɗago ya dube shi. Maganganu sun zo masa har baki, irin waɗanda a da ba sa kwana a cikinsa.

“Na sani,” ya ce.

Ya sunkuya ya kama wata albasar, ya fizge ta da ƙarfin da ya sa ganyen ya tsinke a hannunsa.